Imel Biyu, Rahoto Ɗaya

Ma'aikata biyu a wani kamfanin jigilar kaya a Apapa suka aika wa manaja rahoton wata. Na farkon ya kaurara kusan kowace jimla, ya zuba ɗige-ɗige har ashirin, kanun magana takwas. Da manajan ya buɗe a waya cikin cunkoson hanyar Ikorodu, komai ihu yake yi, bai gane wanne ne gaba ba.

Na biyun kanu uku ya sa, kaurin rubutu sau biyu kacal: ranar biyan kuɗin kwastan da jimillar bashi. Ɗige-ɗige kuwa sai wajen jera kwantenoni huɗun da suka makale. Dalilin jinkirin ya bar shi a cikakkun jimloli, domin ɗigo yana yanke "saboda" da "amma". Ni nasa na fi so, ko da yake ya fi tsawo kaɗan.