UMP-45 da AK-47: Dameji Kusan Ɗaya, Amma Nesa Ke Raba Su

"Jama'a don Allah a CS2 na ga UMP dameji 35, AK 36, bambancin ɗaya tak, amma in na harbi mutum daga nesa da UMP kamar ina jifansa da gyaɗa. Me ke faruwa ne?"

Malam wannan lambar da kake gani ta bakin bindiga ce, wato in mutum na dab da kai. Da zarar harsashi ya yi tafiya sai ya fara rage ƙarfi, kuma kowace bindiga da nata saurin raguwar. Ga lissafin da gem ɗin ke yi:

```
damage × range_modifier ^ (distance / 500)
```

Shi range_modifier ɗin, na AK-47 0.98 ne, na UMP-45 kuma 0.75. Ma'ana duk yunit 500 AK na zubar da kashi 2 cikin ɗari kawai, ita ko UMP rubu'in abin da ya rage mata take zubarwa gaba ɗaya.

To mu ɗauka abokin gaba yana tazarar yunit 1500, irin harbin da ake yi a doguwar hanyar nan ta A a taswirar Dust II. AK daga 36 ta dawo wajen 34, ba ta ma san an yi tafiya ba. UMP kuwa 35 ta koma 26, ta koma wajen 20, kafin ta iso shi ta zama ƙasa da 15, kuma fa ba a zo maganar sulke ba, don in yana sanye da shi AK na wucewa da kashi 77.5, UMP kashi 65. Kenan harsashin UMP ɗaya a ƙirji bai kai 10 ba, sai ka zuba masa sama da goma cikin 25 ɗin da ke cikinta, kuma duk su same shi, shi ko in AK ce a hannunsa huɗu kacal yake nema a jikinka. In ya dace da kai ma ɗaya ya isa ko kana da hular kwano.

Amma a kusa labarin daban ne. Da UMP biyar a ƙirji ta gama da mai sulke, kana iya harbi kana motsi ba ta watsewa kamar AK, ga ta $1200 AK na $2700, kuma kisan da ka yi da ita ya fi kawo kuɗi. Shi yasa ni in kuɗi ya yi ƙasa na sayi UMP ba na leƙa dogon layi sam, lungu nake samu ko bayan ƙofa in jira su shigo min, wani lokacin ma in jefa hayaƙi in toshe nesan tukuna.

In kana so ka tabbatar, duba damejin da ake nuna maka a ƙarshen zagaye. Ka ga ka same shi sau biyar amma jimilla ba ta kai 50 ba, to saitinka lafiya lau, wurin da ka tsaya ne ba na UMP ba.