Gwangwanin kek: wanne za ki saya idan girkinki na wani girma ne daban?

Sau da yawa matsalar tana farawa ne tun a wajen saye. Mace ta ga gwangwani biyu a jere, ɗaya mai faɗin santimita 20, ɗaya mai 23, wato inci 8 da inci 9, ta ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba, ta ɗauki babban. Ta koma gida ta yi kwaɓin da ta saba, kek ya fito a shimfiɗe, gefe ya bushe. Ni ma haka ta same ni, har na ɗora wa obin laifi, alhali obin bai san hawa ba bai san sauka ba.

Santimita ukun nan ba ƙarami ba ne, domin abin da kwaɓi ke cikawa shi ne filin gindin gwangwani duka. Idan gwangwanayen biyu zagayayyu ne, lissafin mai sauƙi ne: ki ninka faɗin kowanne da kansa, ki raba na sabon da na tsohon. 23 sau 23 ya ba da 529, 20 sau 20 ya ba da 400, idan aka raba sai a sami 1.32. Ma'ana babban yana cin kwaɓi fiye da ƙaramin da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A ce girkinki na mai faɗin 20 ne: fulawa giram 150, bota 150, sukari 150, ƙwai uku, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, gashi a digiri 180 na minti 30 zuwa 35. Idan mai 23 kika saya, kowane giram 150 zai koma 200, ƙwai huɗu, bekin foda cokali biyu. Wannan shi ne abin da nake so da mai 23, lissafinsa yana faɗawa daidai kan ƙwai cikakke. Mai faɗin 25 kuwa ya fi neman haƙuri. Ninkinsa 1.56 ne, saboda haka fulawa, bota da sukari kowanne zai kai giram 235, ƙwai kuma ya zama huɗu da ɗoriya. Babban ƙwai ɗaya ba ɓawo yana kai kimanin giram 50, don haka sai ki fasa biyar ki kaɗa, ki kwashe babban cokali ɗaya ki ajiye gefe, sauran ya isa. A nan ne sikeli yake nuna amfaninsa. Idan kuɗinki na abu ɗaya ne, tsakanin gwangwani na uku da ƙaramin sikelin kicin, ni dai sikeli zan ce ki ɗauka, don da kofi ba za ki iya auna giram 235 ba sai dai ki yi kirdado.

To, lokacin gashi fa? Mutane kan ɗauka tunda kwaɓi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, lokaci ma haka zai ƙaru. Ba haka ba ne. Zafi yana isa tsakiyar kek ne galibi ta sama da ta ƙasa, shi ya sa kaurin kwaɓi ne ke yanke hukunci. Idan kin ƙara kayan haɗi yadda ya kamata, kaurin kwaɓin da ke cikin mai 23 daidai yake da na mai 20, sai ki bar wutar a 180, ki fara dubawa daga minti 30, wataƙila ya nemi ƙarin minti biyar. Idan kuwa kwaɓin ƙwai uku kika zuba a mai 23 ba ƙari, kaurinsa ya ragu da kusan kwata, ki leƙa tun daga minti 20 zuwa 22, in ba haka ba ya bushe kafin ki ankara.

Juyin wannan ya fi haɗari. Kwaɓin ƙwai ukun nan a gwangwani mai faɗin 18 zai yi tudu, gefe ya gasu ya yi duhu alhali tsakiya da sauranta. Alamarsa ita ce sama ya tsage kamar tsauni, ko kuma kek ya tashi da kyau sannan tsakiyarsa ta lotsa bayan kin fitar. Maganinsa ki sassauta wuta zuwa 165, ki ƙara masa kamar minti goma, idan sama na neman ƙonewa ki yafa masa takardar foyil. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba ɗanyen kwaɓi, kuma gefen kek ya ɗan janye daga jikin gwangwani, ya yi.

Saboda wannan ne nake ganin zurfi ya fi faɗi muhimmanci a wajen saye, kuma shi aka fi mantawa. Ana son kwaɓi ya tsaya tsakanin rabin gwangwani da kashi biyu cikin uku. Mai zurfin santimita 5 yana gasa kek mai hawa ɗaya lafiya lau, amma ba ya yafe kuskure, kina ƙara kwaɓi kaɗan zai malalo. Mai zurfin 7 zuwa 8 yana karɓar kaɗan yana karɓar da yawa. Ki duba gefensa kuma ya miƙe sambal, domin wanda ya buɗe a sama ya tsuke a gindi yana ɓata lissafi, abin da aka rubuta a jikinsa galibi faɗin baki ne.

Mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye ci, ko da lambarsu ɗaya. Mai 20 da 20 filinsa 400 ne, zagayayye mai faɗin 20 kuwa 314, domin shi sai an ninka 400 ɗin da 0.785. Daɗin abin shi ne mai kusurwa na 20 da zagayayye na 23, wanda filinsa 415 ne, kusan tagwaye ne, kwaɓin ƙwai huɗun nan zai zauna a kowannensu ba sai kin taɓa komai ba. Idan kina da ɗaya, sayen ɗayan sai dai don siffa. Dogon faranti mai 23 da 33 filinsa 759 ne, ya kusa ninka zagayayye mai 20 sau biyu da rabi, wato kwaɓin ƙwai bakwai ke nan. Kusurwoyi ne ke rigan ko'ina gasuwa, su za ki sa wa ido.

Masu rami a tsakiya da masu zane a jiki ba sa bin lissafin fili. Su da ruwa ake auna su: ki cika tsohon gwangwani da ruwa ki ƙirga kofi nawa ya ci, ki yi wa sabon haka, ki raba. Gashinsu yakan fi daɗewa saboda zurfi, duk da cewa ramin yana kai zafi tsakiya. Ban shawarci kowa ya fara da su ba.

Abin da aka ƙera gwangwani da shi ma yana taɓa lokaci. Alminiyam mai haske yana raba zafi daidai, kuma da shi lissafin da ke sama ya fi fitowa yadda aka yi shi. Baƙin gwangwani mai hana kamu yana zuƙar zafi da sauri, gefe da gindi su yi duhu da wuri, sai a rage masa wuta da kamar digiri 10 zuwa 15. Na gilashi yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saki da wuri, shi ma ragin yake so. Na silikon ba ya ba kek launi sosai, kuma sai an ɗora shi a kan faranti saboda lanƙwasa.

Da ni ce zan fara saye yau, zagayayyu biyu zan ɗauka masu faɗin 20, na alminiyam mai haske, masu zurfi da miƙaƙƙen gefe, sai mai kusurwa huɗu na 20 guda ɗaya da zai tsaya a madadin mai 23. Ki tafi da abin awo a jaka, ki auna daga ciki zuwa ciki ban da leɓen gwangwanin, kuma kafin ki biya kuɗin dogon faranti ki tabbata kin auna cikin obin ɗinki.