Kwas ɗin tsara matakan wasa da na yi a Jidda

Kuɗin kwas ɗin riyal ne ba kaɗan ba, kuma malamin bayan sallar isha'i yake koyarwa. Da PuzzleScript muka yi aiki, manhajar ƙirƙirar ƙananan wasannin kwamfuta wadda kyauta ce, a kan wasan tura akwati irin Sokoban. Ƙa'idar malamin ɗaya ce: kowane mataki ya koyar da abu ɗaya tak.

Abin da ya sa na ji kuɗina ya fita, ranar da muka yi mataki na huɗu ne. Dokar turawa layi ɗaya ce:

```
[ > Player | Crate ] -> [ > Player | > Crate ]
```

Da wannan doka akwati ɗaya kawai ake iya turawa, in biyu suka jeru ba sa motsi. Wani ɗalibi ya tsara matakin da zai koyar da haka, ɗaki mai faɗi, akwati biyu a tsakiya. Malam bai ce komai ba, ya kira wani yaro ya miƙa masa kwamfutar. Yaron ya zagaya ta sama, ya tura kowanne daban, ya gama. Malam ya ce, “Yaro, me ka koya?” Ya ce ba komai. Ashe bai ko gwada tura biyun tare ba.

Nan take malam ya ƙara bango ya matse hanyar, har ya zama da ka taka, abin da ke gabanka akwatin nan biyu ne a jere. Ka tura, su ƙi. Sai a lokacin idonka zai kai ga ɗan lungun da ya bari a gefe don zagayawa. Ya ce in ana iya gama mataki ba tare da an ci karo da sabon abin ba, to matakin bai koyar da komai ba. In kuma mai wasa ya lissafa abu biyu da ya koya, a raba matakin gida biyu. Wallahi har gida ina juya maganar.

Amma matakan da ya ba mu mu tafi da su sun ɓata min rai. A na takwas ya zuba rami da ƙofar da sai an danne maɓalli take buɗewa, duk a lokaci guda. 'Yata ta maƙale a nan, sai danna `R` take yi tana sake farawa. Na tambaye ta me ya tare ta, ta ce, “Baba, ban sani ba, ko ramin ne ko ƙofar.” Ainihin abin da malam ya hana mu ke nan. Na tura masa saƙo, ya ce zai duba, har yau shiru.

Ku je don darasin ajin, ya cancanta. Matakan nasa kuwa, ku raba na takwas da kanku kafin ku ba yaro.