Amoksisilin ko farasitamol: me mai mura ke buƙata?

Malam, kwana uku kana atishawa, hanci na yoyo, maƙogwaro na kaikayi, kuma amoksisilin kake so. Bari in jera maka hanyoyin biyu.

Amoksisilin bakteriya yake kashewa, ta hanyar lalata bangon da ke lulluɓe da jikinta. Mura kuwa bairos ke kawo ta, shi kuma ba shi da wannan bangon, don haka maganin ba shi da abin kamawa. Ko ka sha, murar sai ta cika kwanakinta bakwai zuwa goma. Abin da za ka iya samu shi ne ƙuraje, ko kuma gudawa domin yana kashe har bakteriya masu amfani na hanji. Abin da ya fi damuna, bakteriyar da suka tsira sukan gagari maganin, ranar da ciwon huhu ya zo maganin ya ƙi ci.

Ɗaya hanyar ba ta kashe bairos ɗin, sauƙi take ba ka har jikinka ya gama da shi. Farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu duk awa shida, kada ka wuce takwas a yini. Ka duba maganin murar da ke gida, da yawa akwai farasitamol a ciki, kada ka haɗa su ka wuce adadin. Sai hutu da shan ruwa.

Majina ta koma kore? Wannan kaɗai ba shaidar bakteriya ba ce. Amma in numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya dawo bayan ka fara warwarewa, ko kwana goma babu sauƙi, je wurin likita.