Buhu uku na PET, takardar DSC uku: wanne za ka saya?

Kawuna yana da ƙaramin masna'i a Jidda, can ɓangaren sana'iyya, igiyar roba yake yi, koren nan da ake ɗaure kwali da bulo da shi. Watan jiya ya shigo mani da leda uku na ƙwayoyin PET da aka sake narkawa daga tsofaffin gorunan ruwa, kowacce daga dillali daban, kowacce kuma da takardar DSC manne a jiki. Ya ce "ɗana kai ne kake aikin dakin gwaji, duba mani, ni layi kawai nake gani yana hawa yana sauka." To abin da na nuna masa shi zan rubuta a nan, don na san akwai 'yan uwa da yawa a Jidda da Makka da suke wannan harkar, kuma galibi farashi da kalar ƙwaya kawai ake kallo.

Na'urar DSC ba wani abin tsoro ba ce. Ana yanko ɗan samfuri, miligiram 5 zuwa 10, a rufe shi cikin ɗan kwanon alminiyam, a ajiye wani kwanon da babu komai a gefensa, a riƙa ɗumama su tare, yawanci digiri 10 a minti ɗaya cikin iskar naitirojin. Na'urar tana auna bambancin zafin da kwanonin biyu suke sha. In robar tana narkewa sai ta sha zafi fiye da kwanon banza, in tana haɗa kiristal, wato sarƙoƙin da ke cikinta suna jeruwa a tsare, sai ta fitar da zafi. Shi ke nan layin da Kawu yake gani.

Abu na farko kafin ka karanta komai, nemi 'yar kibiya a gefen hoton, za ka ga an rubuta Exo up ko Endo up. Wannan wlh shi ne inda mutane suke fara ɓata, don wata na'urar narkewa sama take nunawa wata kuma ƙasa, kuma takardun Kawu ma biyu Exo up ne ɗaya Endo up. In Exo up ne, narkewa rami ce mai nutsawa ƙasa, haɗa kiristal kuma tudu ne, kuma a nan zan yi bayanin duka ukun kamar Exo up ne.

A PET abu uku ake nema. Akwai Tg, wajen da roba take tashi daga tauri irin na gilashi ta fara laushi, kuma shi ba tudu ba ne ba rami ba, ɗan mataki ne kamar dakali, layin yana tafiya sai ya sauka kaɗan ya ci gaba, a PET tsakanin 70 da 80 °C, tsakiyar matakin ake ɗauka. Sai tudun haɗa kiristal lokacin ɗumamawa, wajen 120 zuwa 140 °C, ana rubuta shi Tcc, wannan ba ya fitowa sai a robar da aka sanyaya da gaggawa ba ta samu damar shirya kanta ba. Sai ramin narkewa wajen 245 zuwa 255 °C. A ƙarƙashin tudun da ramin na'urar tana rubuta lamba da J/g, wato yawan zafin da giram ɗaya ya fitar ko ya sha, kuma da waɗannan lambobin ake lissafin kashin kiristal.

Leda ta farko ita ce mai araha, ƙwayoyinta garau kana hango haske ta ciki. Dillalin ya rubuta da biro wai kiristal kashi 27. Na duba takardar, matakin Tg babba ne tsakiyarsa a 76, ga tudu ƙato a 128 mai 27 J/g, narkewa a 250 mai 38 J/g. Abin da ya yi shi ne ya raba 38 da 140, don 140 J/g shi ne adadin da aka saba ɗauka na PET da ya zama kiristal ɗari bisa ɗari, sai ya samu 27. Amma ai yawancin kiristal ɗin da ya narke a 250 a cikin na'urar aka haife shi, lokacin da robar ta wuce 128, babu shi a buhu. Dole a cire shi, a nan Xc kashin kiristal ne, ΔHm lambar ramin narkewa, ΔHcc kuma lambar tudun Tcc:

```
Xc = (ΔHm − ΔHcc) / 140 × 100
Xc = (38 − 27) / 140 × 100 = 7.9
```

Kashi 8 ke nan, ba 27 ba. Ban ce mutumin ya yi da gangan ba, kuskure ne da ake yawan yi. Amma ga Kawu wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda PET sai an busar da shi sa'o'i huɗu zuwa shida a wajen 160 zuwa 180 °C kafin ya shiga injin narkawa, in ba haka ba danshi yana yayyanka sarƙar robar igiya ta fito tana tsinkewa. To ƙwayar da ba ta da kiristal da zarar ta wuce Tg sai ta yi laushi ta manne da 'yar uwarta, ka buɗe na'urar busarwa ka tarar da dunƙule guda kamar alewar da ta kwana a mota. Wanda yake da injin da ke juya ƙwaya yana ɗumama ta har ta yi fari kafin busarwa, wato injin haɗa kiristal, shi wannan ledar ta dace da shi kuma zai ci arahar. Kawu ba shi da shi.

Wani abu kuma a wannan takardar, a kan matakin Tg akwai ɗan rami ƙarami da ya sa Kawu ya ce ko wata robar ce aka haɗa. A'a. Roba mara kiristal in ta daɗe a ajiye a wuri mai zafi amma ƙasa da Tg tana ɗan zaunawa ta matse, kuma kowa ya san yadda mustauda take a Jidda da rani, to wannan ramin alamar zaman ne kawai, in aka narka aka sake ɗumamawa ɓacewa yake.

Leda ta biyu da ta uku nan ne aikin yake, don da ido kusan iri ɗaya ne, ƙwayoyi masu duhu ba ka ganin ciki, an riga an haɗa masu kiristal. Matakin Tg ɗinsu ɗan ƙarami ne sai ka zura ido, kuma haka ya kamata, ɓangaren da ba kiristal ba shi kaɗai ke yin matakin. Babu tudun Tcc a duka biyun. Ta biyu narkewarta 46 J/g, kashi 33. Ta uku 50 J/g, kusan kashi 36. Wannan bambancin na kashi uku kar ya ruɗe ka, yadda ma'aikaci ya ja layin ƙasa na ramin kaɗai yana iya kawo shi, shi ya sa nake so in ga inda aka fara layin da inda aka tsaya a hoton, ba lamba tsura ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne duka biyun suna da ɗan rami a wajen 165 °C, wajen 2 J/g. Kuma abu biyu ne daban suke iya zama a wannan wurin. Ko dai PP ne, robar murfi da lakabin gora da ba a tace da kyau ba, don shi a 160 zuwa 165 yake narkewa. Ko kuma sawun injin haɗa kiristal ne, saboda PET da aka riƙe a wani zafi yana yin ƙananan kiristal da ke narkewa kaɗan sama da wannan zafin. Na farko datti ne, na biyu ba komai ba ne. Daga ɗumamawa ta farko kaɗai ba za ka iya rantsuwa ba.

Dillali na uku ya kawo cikakken gwaji, ɗumamawa, sanyayawa, sannan ɗumamawa ta biyu, layi uku a takarda. A layi na uku ramin 165 babu shi sam, ka ga sawun inji ne, narkawa ta goge shi. Dillali na biyu layi ɗaya ya kawo, sai na ce Kawu ya biya a sake gwada nasa cikakke. Ramin ya dawo a 164 a ɗumamawa ta biyu, kuma a layin sanyayawa bayan babban tudun PET akwai wani ɗan tudu wajen 118, daidai inda PP yake daskarewa. PP na kasuwa yakan ba da wajen 90 zuwa 100 J/g, to 2 J/g na nufin kusan kashi 2 na buhun. PP da PET ba sa haɗuwa, kamar mai da ruwa ne, kuma a igiyar da ake ja da ƙarfi don ta yi ƙwari irin waɗannan ɗigogin nan ne take fara tsagewa. Da HDPE ne a ciki, wata robar murfin gora, wajen 130 za ka gan shi, sai dai a leda irin ta farko tudun Tcc yana iya rufe shi, wani dalilin kuma na neman cikakken gwaji.

Ka'idar da nake bi ke nan, ɗumamawa ta farko tana gaya maka halin da ƙwayar take ciki a buhu, ko za ta manne ko ba za ta manne ba, ta biyu kuma tana gaya maka ainihin abin da robar take. Mai saye yana buƙatar duka biyun. Ka kuma duba gudun ɗumamawar, in wani ya yi a 10 wani a 20 lambobin suna ɗan gusawa, kar ka jera su kamar ma'auni ɗaya ne. Takarda mai kyau za ka ga ISO 11357 ko ASTM D3418 a jiki da nauyin samfurin, kuma ba laifi ka tambaya yaushe aka daidaita na'urar da ƙarfen indiyam, wanda ke narkewa a 156.6 °C.

Kuma don Allah a tuna miligiram 8 fa aka gwada, ƙwaya ɗaya ma ba ta cika ba, kai kuma tan za ka saya. Ka ɗebo da hannunka daga buhu uku daban, sama da tsakiya da ƙasa, kar ka dogara da wanda dillali ya zaɓo. DSC kuma ba ya ba ka tsawon sarƙar robar, wannan aikin wani gwaji ne da ake kira IV, kuma igiya tana son IV mai tsayi, don haka ka nemi lambarsa daban.

Kawu ya ɗauki ta uku duk da ta fi tsada, bayan an gwada buhu uku sun fito iri ɗaya. Ya ce wa mai ta farko in ya samu injin haɗa kiristal zai neme shi, mai ta biyu kuma na tura masa hoton layin sanyayawar da da'ira a kan tudun 118, ya ce zai duba tankin da suke raba murfi da gora.