Rhubarb Lip Sync da muryar Bahaushe: abin da ta iya da abin da sai ka gyara da hannu

Na yi amfani da Rhubarb Lip Sync wajen haɗa wani ɗan gajeren katun na yara da Hausa, kuma ra'ayina a kanta shi ne ta cancanci a sauke ta, in dai mutum ya san cewa aikin farko kawai za ta yi masa. Kyauta ce, Daniel Wolf ne ya rubuta ta. Ba ta da maɓallan latsawa, umarni ake rubuta mata. Kana ba ta fayil ɗin murya, ita kuma ta fito maka da jerin lokuta, kowane lokaci da harafin siffar bakin da ya dace da shi.

Siffofin tara ne. A rufaffen baki ne, na b da m. B haƙora a haɗe, leɓɓa a ɗan buɗe, shi ke ɗaukar yawancin baƙaƙe da wasalin i. C buɗewa ce matsakaiciya, D kuma baki wangame. E ɗan zagaye ne, F leɓɓa a tsuke an turo su gaba kamar mai cewa u. Sai ƙarin uku: G, inda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, H mai ɗaga harshe, da X na lokacin shiru. Kai za ka zana su, ita dai jera su take yi.

Idan ba ka gaya mata komai ba, da kunnen Turanci take sauraro, tana neman kalmomin Ingilishi a cikin maganarka. Don Hausa dole ka juya ta zuwa sauraron zallar sauti:

```
rhubarb -r phonetic -f tsv -o baki.txt murya.wav
```

Abin da ya fi damuna kafin in fara shi ne karin sauti. Hausa tana da karin sama, da na ƙasa, da faɗau, kuma suna canza ma'ana. Na ɗauka manhajar da ba ta san wannan ba za ta ɓata min aiki. Ashe ba nan matsalar take ba. A maƙogwaro ake yin karin sauti, da saurin kaɗawar tantanin da ke cikinsa, leɓɓa ba ruwansu. Tsaya gaban madubi ka ce kuka na hawaye, sannan ka ce kuka ta miya. Gaɓar ƙarshe ta sauko a na biyun, amma bakinka bai sauya ko kaɗan ba: tsukewa, sannan buɗewa, F sai D. Saboda haka rashin sanin karin sauti bai rage wa manhajar komai ba a kan baki.

Tsawon wasali shi ne abin da ido ke kamawa. Gari da ake zama a ciki da gari na tuwo karinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama, rubutunsu ma ɗaya ne tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawo. Bambancin kawai shi ne wasalin a na garin tuwo dogo ne, baki ya fi buɗewa kuma ya fi daɗewa a buɗe. Idan ka ba su siffa ɗaya da tsawon lokaci ɗaya, Bahaushe zai ji wani abu bai zauna daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Shi ya sa ban yarda a jera baki daga rubutaccen labari ba. Daga muryar da aka ɗauka ake jerawa.

Ga jimlar da na fi daɗewa a kanta. Yarinya ce ke cewa: "Baba, garin kuka ya ƙare fa." A faifan ta ɗauki kusan daƙiƙa 2, wato firam 48 a kan saurin firam 24 a daƙiƙa, firam kuwa shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama motsi. Manhajar tana ba da lokaci da daƙiƙa, sai ka ninka da 24 ka sami lambar firam, 0.50 kenan firam na 12.

A kan Baba ta yi daidai, ta rufe baki sau biyu. Sai dai rufewa ta biyu firam ɗaya kacal ta samu, kuma rufewar firam ɗaya ido ba ya ganinta, sai ka ga kamar yarinyar ta ce "ba'a". Na mayar da ita firam 2. Wannan ƙa'ida ce da ban taɓa karyawa ba ga b, ɓ da m, kuma inda baƙin ya ninku, kamar a babba ko amma, nakan ba shi 3 ko 4. A kan garin ta sa C na firam 2, wanda ya dace da garin zama. Na canza zuwa D na firam 4, na ciro ƙarin daga ɗan numfashin da ke bayan Baba. A kan kuka ta jira sai da wasalin ya fito sannan ta tsuke leɓɓa, alhali mai magana yana tsuke su tun kafin k ɗin ta fashe. Na jawo F baya da firam 2. Haka nake yi wa kwana, gwaggo da ƙwai, inda zagayen leɓe yake cikin baƙin kansa.

Sai fa ta ƙarshe, wadda ta fi koya min abu. Manhajar ta sa G, haƙora a kan leɓe, domin haka f ta Turanci take. Tamu ba haka take ba. Bakano da leɓɓa biyu yake yin ta, suna kusantar juna iska na ratsawa, wani lokaci har su haɗu. Basakkwace ma yakan ce hwa. Da na ga haƙoran yarinyar sun sauka a kan leɓenta, nan take ta koma min baƙuwa mai koyon Hausa. Gyaran mai sauƙi ne: na bar harafin G a jerin, na sake zana shi da leɓɓa biyu dab da juna, ba haƙori a waje. Zane ɗaya ya gyara kowace f a fim ɗin.

To ina karin sauti ke shigowa? A gira da kai, kuma a nan ake yawan zamewa. Mai zane yakan ji murya ta hau sai ya ɗaga wa ɗan katun gira, yana zaton nanatawa ce. A Hausa hawan murya a kan gaɓa sau da yawa sifar kalmar ce kawai. In ka bi kowane karin sama da ɗaga gira, fuskar za ta yi ta rawa babu dalili. Nakan ajiye motsin kai da gira don wuraren da mai maganar ya ɗaga murya da niyya: ƙarshen tambaya, da kalmomi irin su fat a fari fat, ko wur a ja wur. A jimlar yarinyar gira ta motsa sau ɗaya tak, a kan fa, inda damuwarta take. Manhajar ba ta taɓa wannan ɓangaren sam, kuma gara haka.

Hanyar da nake duba aikin ita ce in kashe sauti in kalli bakin kaɗai, ina faɗin jimlar da bakina. Inda na riga zanen ko ya riga ni, nan gyara yake. Sannan in kunna sautin in tabbatar bakin yana gaban murya da firam 1 ko 2, don in ya zo a bayanta nan da nan ake ganin ya makara.

Tana son murya mai tsabta. Faifan da aka ɗauka janareta na ruri a kusa, ko wanda aka riga aka sa wa kiɗa, yakan sa baki ya yi ta motsi a inda ya kamata ya tsaya a X. A ba ta muryar mutum ɗaya, ita kaɗai, a haɗa kiɗan daga baya.

Ga mai dogon zance da zai jera, ta rage wahala ƙwarai, domin gano inda magana ta fara da inda ta tsaya shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma ta iya shi. Ga hoton da aka matso da fuska sosai, ko waƙa mai jan wasali, na fi son in jera da hannu tun daga farko, don gyaran yakan fi jerawar yawa.