Wata takwas da jadawalin da edita ta haɗa wa littattafaina: abin da na gani

Wata mai karatu daga Bukur ce ta fara tona mini asiri. Ta ce, "Anti, a littafi na ɗaya kin ce ran Juma'a aka haife ta shi ya sa ake ce mata Jummai, a na uku kuma kakarta ta ce ba za ta manta daren Talatar da aka haife ta ba. To wanne za mu ɗauka?" Na buɗe littattafan biyu na duba, wallahi gaskiyarta. A lokacin na fitar da uku, ina tsakiyar na huɗu, kuma labarin gida ɗaya ne a Gangare, mai mata biyu da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, mutum sun doshi sittin. Da ka nake riƙe da su duka, kan kuwa ya fara yoyo.

Shi ne wata ƙawata ta haɗa ni da wata malama a nan Jos da ke aikin tace rubutu. Ba gyaran littafi na ba ta ba. Aikinta shi ne ta karanta ukun da suka fita, ta fitar mini da abin da editoci ke kira jadawalin salo, wato kundin da ke riƙe da sunan kowa, da ranar da kowane abu ya faru, da yadda aka tsayar za a riƙa rubuta kowace kalma. Ta yi sati biyar a kai, ta caje ni gwargwadon yawan kalmomi, sannan ta turo mini a Google Sheets, shafi uku: Mutane, Lokaci, Rubutu. Ni dai rajista nake ce masa, don kamarsa ɗaya da ta makarantar firamare.

Shafin Lokaci ne ya biya kuɗinsa tun a satin farko, don haka a nan zan daɗe.

Abin da ta fara yi shi ne neman turke. A littafi na ɗaya na ce maigidan ya rasu ran wata Laraba, kwanaki kaɗan bayan gobarar babbar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Sai ta ba shi rana tsayayya, 20 ga Fabrairu, 2002, duk da cewa ban taɓa rubuta kwanan wata a littafin ba, kuma mai karatu ba zai taɓa ganinsa ba. Daga wannan turken ta ɗaure komai. Kowane layi abu ɗaya ne da ya faru, da kwanan watansa na Bature, da na Musulunci, da yanayin gari, da wurin da aka ambace shi. Ranar mako kuwa ba a rubuta ta da hannu, wannan ne ke fitar da ita:

```
=TEXT(B52,"dddd")
```

Da ta jera su sai ta kira ni a waya. "Hajiya, kin san mutumin nan ana jajibirin Babbar Sallah kika kashe shi?" Layyar wannan shekarar ta faɗo ne kwana biyu zuwa uku bayan ranar da muka tsayar. Ni kuwa na yi babi biyu cur a kan zaman makoki, ba rago, ba ƙaurin suya daga maƙwabta, ba wanda ya ce Allah ya maimaita mana. An riga an buga, ba yadda zan yi, sai dai na samu abin da zan saka a bakin uwargida idan tana tuna baya.

Babbar ɓarnar tana cikin na huɗun da nake rubutawa. Akwai wurin da uwargidan ke ba jikarta labarin ranar da ta fita takaba, na sa ana sauran kwana uku a ɗauki azumi, sanyin Jos na ratsa ƙashi, hazo ya rufe dutsen Shere. Na ji daɗin wannan babin ƙwarai. To amma takaba wata huɗu ce da kwana goma. Idan ka ƙirga daga farkon Zulhajji za ka sauka a tsakiyar Rabi'us Sani, wato ƙarshen Yunin 2002, damina ta kankama, rigar sanyin da mutum zai saka ta ruwan sama ce ba ta hunturu ba. Azumin shekarar kuwa sai farkon Nuwamba. Na ƙara wa baiwar Allah wata huɗu a ɗaka ba gaira ba dalili. Na san daga inda kuskuren ya fito: azumin yarintata a cikin sanyi ya riƙa zuwa, shi ya zauna mini a rai, na manta cewa shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, kowace shekara azumi na matsowa. Labarin da ya ci shekara goma sha uku, azuminsa ya tashi daga Nuwamba ya koma Yuni. Dole na kwashe hazon na zuba ruwan sama, kuma babin bai mutu ba.

A nan ita ma malamar ta yi tuntuɓe. Ta sa matan biyu a layi ɗaya, fitar takaba rana guda. Amarya kuwa tana da ƙaramin ciki lokacin rasuwar, kuma mai ciki haihuwa ce ke fitar da ita. Cikin Jummai ne, wadda muka tsayar wa 13 ga Satumba, 2002, Juma'a sak. Ke nan uwargida ta fita a Yuni ta bar amarya a ɗaka har Satumba. Ni na raba layin biyu. Ban riƙe ta da wannan ba, amma ya nuna mini cewa jadawalin ba ya sanin abin da mai cika shi bai lura da shi ba.

Shekarun mutane ma haka. Kowa na da ranar haihuwa a shafin Mutane, ko da ta ƙage ce, kuma a shafin Lokaci ana cire ta daga ranar da abu ya faru:

```
=DATEDIF(Mutane!D14,B52,"Y")
```

Na shirya a littafi na biyar wani zai fara zuwa zance wurin Jummai a azumin 2015, ina ɗauka ta kai sha shida. Lissafi ya ce sha biyu. Na ɗage babin zuwa gaba da shekaru, na gode Allah da bai kai ga ɗab'i ba.

Shafin Mutane kuma, yadda ta kawo shi da farko irin na kowa ne: suna, laƙabi, shekaru, kama, dangantaka. Ya taimaka wajen gano cewa tabon sarar da ke kumatun hagu na wani direba ya ƙaura zuwa dama a littafi na uku. Sai dai gidan Bahaushe ba ya shiga gurbi ɗaya na laƙabi. Babbar 'yar gidan sunanta A'isha. Uwarta ba ta taɓa kama sunan ba saboda alkunyar 'yar fari, "yarinyar nan" take cewa ko "wance". Ubanta Indo yake ce mata, ƙannenta Yaya, 'ya'yan ƙannen Anti Babba, mijinta kuma bayan haihuwa ya koma Maman Khalifa. Idan na manta na sa uwar ta ƙwala kira "A'isha!", ban yi kuskuren rubutu ba, na rushe halin matar ne gaba ɗaya, kuma duk mai karatu mace za ta ji abin ya yi mata banbaraƙwai. Da na yi mata wannan bayanin sai ta ƙara shafi na huɗu: sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, sunayen kuma daga hagu zuwa dama, inda layi biyu suka haɗu a rubuta abin da wannan ke kiran wancan da shi, da littafin da kiran ya sauya. Mutum goma sha takwas kawai muka saka, waɗanda ke yawan magana da juna. Yanzu shi na fi buɗewa. Ba ta ƙara mini ko kwabo a kansa ba, kuma duk marubucin da zai ba da irin wannan aikin ya nemi a sa masa shi tun farko.

Shafin Rubutu ba shi da wani armashi, aikinsa kawai yake yi. A'isha da ɗauri, ba Aisha ba, ba Aysha ba. Hauwa'u a bakin mai ba da labari, Kulu a bakin tsofaffi. "Ya ce" a rabe, "yana" a haɗe, "ba ya" a rabe don kada ta rikiɗe ta zama "baya". 'Y irin ta Najeriya, ba ƴ da aka fi gani a Nijar ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗaurin kansa: a fayilolina akwai miƙaƙƙe, akwai mai lanƙwasa ta dama, akwai ta hagu, dangane da ko a waya na buga ko a kwamfuta. Shi ya sa idan na nemi "'yar" wani lokaci ba duka ke fitowa ba.

Kuskure ɗaya nawa ne ni kaɗai. Na ga ta rubuta "ƙasa, da lanƙwasa", sai zumuɗi ya ɗebe ni na danna Replace All a kan "kasa". Washegari na tarar da "ya ƙasa magana" da "ta ƙasa barci" sun cika littafin, har "kasada" ta koma "ƙasada". Kafa da ƙafa, kara da ƙara, bari da ɓari, duk tarko ɗaya ne. Irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ake bin su da ido.

Inda nake da ƙorafi na gaske biyu ne. Ta nuna wurin kowane abu da lambar shafi, alhali da na sake buga littafi na ɗaya da ƙananan haruffa duk lambobin suka goce. Da babi ta sa da farkon jimlar, da har gobe suna aiki. Na biyu, shafin Lokaci ya yi faɗi da yawa, gurbi goma sha ɗaya, ni kuwa rabin rubutuna a waya nake yi idan an ɗauke wuta. Kafin ka ja zuwa gurbin yanayi ka manta layin wa kake kai, sai da ɗana ya nuna mini Freeze na kafe gurbin farko.

Akwai kuma abin da ba ta faɗa mini ba, na gano da kaina: rajistar na tsufa. Na yi sati shida ina rubutu ban shigar da komai ba, na haifi jarirai biyu na aurar da mutum ɗaya, da na koma nema babu su a ciki. Yanzu ba na rufe babi sai na ba ta minti goma. Na kuma ƙara gurbi ɗaya da kaina a shafin Lokaci, "wa ya sani", saboda sirrin gadon da uwargida ta ɓoye: mutum huɗu suka sani zuwa ƙarshen na uku, na kusa sa na biyar ya yi gori a kai tun kafin a gaya masa.

Daren Talatar Jummai kuwa na bar shi yadda yake. A littafi na huɗu amarya ta ce wa kakar, "Inna, naƙudar ƙarya ce aka yi ran Talata, kin manta an dawo da ni gida?" Mai karatun nan ta Bukur ta turo mini saƙo ta ce ta gani, kuma ba ta yarda ba.